Duk Wanda Ya Bar Aiki Ya Ce Babu Komai

Shekarar da ma'aikatanmu suka yi ta zubewa kamar ganyen bishiya, ni ne jami'in kula da ma'aikata a wata ƙungiya da ke koya wa manoma dabarun noma, a ofishinta na Birnin Kudu. Sunan muƙamin ya fi aikin girma. Ainihin abin da nake da shi tebur ne, da hatimi, da rajista, sai fanka mai juyawa idan ta ga dama. Amma ina son hatimin nan, ba zan ɓoye ba. Idan na buga shi a takarda har wani daɗi nake ji a ƙirjina.

Muna da reshe a Gwaram, malaman gona goma ne a can, ƙarƙashin wani dattijo da kowa ke kira Baba. Cikin damina biyu mutum bakwai suka ajiye aiki a reshen. Ana ɗaukar sabo, kafin ya san hanyar garin Fagam ya kawo takardar ajiye aiki. Babban ofishinmu na Kano ya gaji. Hajiyar da ke shugabantar sashen ma'aikata a can ta kira manajanmu, shi kuma ya kira ni, domin tsawa kullum gangarowa take yi.

"Hajiya ta ce ruwa ba ya tsami banza," in ji manaja. "Tana zargin Baba ne ke korar yara da faɗa. Ka haɗa rahoton hirar sallama ka kawo kafin ƙarshen wata. In ba a ga wani dalili ba, Baba zai tafi gida."

Baba na da iyali kusan ashirin, kuma shekarunsa sun wuce na neman sabon aiki. Faɗa kuwa yana da shi, amma irin na tsoho ne, ya yi maka tas sannan ya tura maka kwanon fura.

Ban damu ba, domin hirar sallama ina yinta tun tuni. Duk mai barin aiki sai ya zauna a gabana na cike fom kafin na buga masa hatimi a takardar shaidar aiki. Tambayoyin ni na tsara su, ina alfahari da su. Shin ka ji daɗin aiki da mu? Shin akwai wanda ya ɓata maka? Shin kana da ƙorafi a kan hukumar gudanarwa? Ina yin su ƙofa a buɗe, manaja na waya a ofishin da ke jikin nawa, takardar shaidar mutum kuma na ƙarƙashin gwiwar hannuna.

Na ɗauko fom shida na waɗanda suka riga suka tafi, na jera. Wallahi kamar mutum ɗaya ne ya cike su. Alhamdulillahi. Babu komai. Sai godiya. Dalilin tafiya: uzurin gida. Ɗaya ya ce karatu zai koma, ga shi kullum ina ganinsa yana sayar da takin zamani a kasuwa. A layin ƙarshe, inda na rubuta "ko akwai ƙarin bayani", duk su shida abu ɗaya suka ce: in na saɓa wa wani a yafe mini. To ai haka aka tarbiyyantar da mu. Wa zai yi sallama da mutane ya bar baya da ƙura? Mai tafiya yafiya yake nema, ba shari'a ba.

Na haɗa rahoto mai shafi ɗaya, na ce binciken ya nuna babu matsala. Hajiya ta dawo da shi da layi guda a ƙasa: idan babu matsala, ina mutanen? Manaja ya ce wannan rahoton ma ya ƙara nutsar da Baba, domin Kano ta ɗauka tsoronsa ya hana yara magana.

Ta bakwai ɗin, wata malamar gona 'yar garin Maruta, ita ce ba ta karɓi takardarta ba tukuna. Ta zo ranar Laraba. Na yi mata tambayoyina, ta ba ni alhamdulillahinta, ta nemi yafiya, na buga hatimi. Da yake tana ɗauke da jaka da buhun littattafai, kuma hanyata ce, sai na ce bari na taka mata zuwa inda ake lodin motocin Gwaram.

Ashe a wajen rakiya maganar take. Takarda ta shiga jaka, ƙafarta ɗaya a cikin mota, ta juyo.

"Malam, da gaske kana son ka san abin da ke korar mutane?"

Na ce ai aikina ke nan.

"To wa ya kawo rajistar Litinin da Alhamis?"

Ni na kawo ta. Shekara biyu kafin nan na ga kamar 'yan Gwaram na holewa babu mai sa musu ido, sai na kafa doka: kowane malamin gona ya zo Birnin Kudu ya sa hannu a gabana da ƙarfe takwas, sau biyu a mako. Har yabo manaja ya yi mini a taro.

"Manomi da asuba yake fita," in ji ta. "Kafin mu zo mu sa hannu mu koma, rana ta take, babu wanda za ka samu. Kwana biyu a mako sun tafi a kan titi. Ƙarshen wata a ce ba mu cika adadin manoman da aka yanka mana ba, kai kuma ka rubuto mana takardar tuhuma. Sannan ka zaunar da mutum ka tambaye shi wa ya ɓata masa. Haba Malam."

Direba ya ja mota. Na tsaya riƙe da leda ɗaya da ta manta, sai da na bi su da gudu na miƙa ta taga.

Abin da na fara ji haushi ne, ba kunya ba. Na ce a raina yarinyar nan dama bakinta ya fi ta. Mutum ɗaya ce, kuma maganar mutum ɗaya ba ta zama binciken da za a kai wa hukuma. Wannan gaskiya ne, amma na san dalilin da ya sa gaskiyar ta yi mini daɗi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kwana biyu ina kewaye rajistar nan kamar ta cije ni.

A ƙarshe na je wajen Hajiyar sito, matar da ke kula da iri da kayan feshi. Ba ta ɗaukar kowa aiki, ba ta korar kowa, kuma kowa a wajenta yake shan ruwan sanyi. Na roƙe ta ta kira duk su bakwai a waya, daga gidanta, ta fara da gaya musu cewa ba dole ba ne, takardunsu na hannunsu, kuma ba za a rubuta sunan kowa ba. Muka zubar da tsofaffin tambayoyina, masu amsar i ko a'a, muka sa waɗanda mutum zai iya amsawa ba tare da ya zagi kowa ba. Yaushe ka fara tunanin tafiya, me ya faru a makon? Wace rana ce ta fi maka wuya a mako? Da ƙaninka zai karɓi wannan aikin, me za ka gaya masa? Me ya kamata a bari yadda yake? Da an canja abu ɗaya, me zai sa ka dawo? Kowa tambayoyi iri ɗaya, don a iya kwatantawa.

"Ka tabbata kana son amsar?" Hajiyar sito ta tambaye ni, tana dariya ƙasa-ƙasa. Daga nan na gane ita ma ta sani.

Mutum shida suka amsa, ɗaya ya ce shi ya riga ya yafe, a bar shi. Ta kawo mini takardun babu suna, na zauna ina ware amsoshin gida-gida. Biyar cikin shida sun ambaci rajista ba tare da an tambaye su ita ba. Huɗu sun ambaci takardun tuhuma. Biyu sun yi kukan babura marasa lafiya. A tambayar abin da ya kamata a bari yadda yake, biyar suka ce Baba. Wani ya ce da ƙaninsa zai karɓi aikin, zai gaya masa ya koyi sa hannu, noma ba dole ba ne. Na ji zafin wannan, amma na yi dariya ni kaɗai.

Wajen rubuta rahoton Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce ka rubuta "ƙalubalen sufuri", ai ba ƙarya ba ne. Na rubuta. Na karanta, na ga da wannan kalmar Kano za ta sayo taya biyu, ta sallami Baba, rajista ta ci gaba da zamanta. Na goge. Na rubuta yadda aka yi hirar da yawan waɗanda suka amsa. Na jera abubuwan da aka gano, babba a sama, kowanne da adadin masu faɗarsa. Na cire duk wata magana da za ta nuna ƙauyen mai ita. Na sa shawarwari uku: a mayar da sa hannu reshen Gwaram, a janye tuhumar da ta faɗo a kan ranakun rajista, a duba babura, kowacce da wanda zai yi da lokacin gamawa. A gurbin wanda ya kafa dokar rajista na rubuta muƙamina. Hannuna bai so ba.

Ranar taro Hajiya ta zo daga Kano, Baba ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a, irin shigar wanda ya shirya karɓar mummunan labari da mutunci. Ni na karanta rahoton da bakina. Manaja, wanda ya manta shi ya yaba wa rajistar, ya ce yana son sanin wa ya yi maganar ƙanin nan da koyon sa hannu, wadda na sa a rahoton. Na ce ban sani ba, kuma Hajiyar sito ta yi alkawari. Hajiyar Kano ta ce a bar sunaye, ba mutane muka zo farauta ba. Ta amince da shawarwarin, ta ce Baba na nan a kujerarsa, ni kuma daga yau ba ni zan riƙa yin hirar sallama ba. Hatimin dai an bar mini.

Na raka Baba wajen babur ɗinsa. Na ce ya yafe mini, na kusa raba shi da abincinsa. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, yana ta ƙoƙarin tayar da babur ɗin da ya ƙi tashi.

"Ai tun bara na san rajistar ce," ya ce.

"Baba, ka sani, me ya hana ka gaya mini?"

Ya dube ni, ƙafarsa a kan kik.

"Ɗana, ku ai sai mutum zai tafi kuke tambayarsa. Ni kuwa ban tafi ba."

Babur ɗin ya ƙi tashi har sai da na tura shi zuwa bakin titi.