Ruwan Haɗin Allurar Ƙyanda

Maƙwabciyata Furera ce ta fara ba ni labarin Safara'u, ran da muka dawo daga ɗakin shan magani na garinmu ba a yi wa yaranmu allurar ƙyanda ba. Shekarar nan ce da fetur ya gagari talaka, kwanon gero ya kai inda ba mu taɓa ji ba. Ma'aikatan lafiya sau ɗaya a wata suke zuwa mana daga wajen Ɗambatta, da magunguna da allurai a bayan mota. Ran nan mun kai mu arba'in a gindin darbejiya. Aka yi awo, aka ɗiga rigakafin baki, aka yi allurar cinya. Da aka zo kan ta ƙyanda sai muka ga suna kallon juna. Ashe ita gari ce a 'yar kwalba, sai an haɗa ta da ruwanta na musamman, ruwan kuwa an baro shi a sito. Suka ce mu yi haƙuri sai wata mai zuwa.

Ni fa ƙyanda ta taɓa shigo mini gida. 'Yata Fadima tana da shekara ɗaya da wata biyu ta ɗauke ta, Allah Ya sa mai ceto ce. Ga Hadi a bayana ya cika wata tara cif, ga labari ƙyanda ta sauka a ƙauyukan gabas da mu.

Furera ta ce, "Larai, wallahi da Safara'u na nan da ba a yi mana haka ba. Rasuwa aka yi mata, shi ya sa ba ta zo ba."

Na ce wace ce Safara'u?

Ta ce doguwar nan baƙa mai farin hijabi, wadda ba ta dariya sai ta gama aiki. 'Yar Malam Khalilu ce mai makarantar allo. A gidansu ta sauke, daga baya ta yi ta boko har makarantar koyon aikin lafiya a Kano. Mijinta manomi ne, 'ya'yanta biyar. Shekara goma sha ɗaya tana bin ƙauyuka, ba a taɓa ƙara mata girma ba, wai bakinta ne. Furera ta ce suna da takarda da aka jera sunan duk abin da za su ɗauko, kowa sai ya zauna a ofis ya bi ta da biro ya ce an duba. Ita ko Safara'u sai ta tsaya a gindin mota ta karanta da ƙarfi, wani ya ɗora hannu a kan kayan ya ce ga shi. Wai a gidansu ko ka ce ka haddace, Malam ba ya yarda sai ka biya a gabansa ya ji da kunnensa.

Wata ya zagayo. Na ce wa maigidan ya kai ni sitonsu da safe in ga abin da za a sa a motar da idona. Ya ce, "Ke da ba ki san alif na boko ba, me za ki gani?" Na ce ina da ido, ina da baki. Ya je ya nemo fetur kwalba biyu ya zuba a babur.

Mun isa rana ta ɗan ɗaga. Ga mota a tsakar fili, direba Sama'ilu yana goge gilashi. Ga shugaban tafiyar, Malam Abdulƙadir, yana duba agogo. Mai sito, Basiru, ya riga ya fitar musu da allurai a babban akwatin sanyi, ya kulle ƙofa, ya tafi layin mai da babur ɗinsa. Safara'u na baranda ta jera gorunan ƙanƙara a kan tebur. Na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta leƙa bayana ta dubi Hadi, ta ce, "Zauna nan, Maman Hadi, ki kalla."

Malam Abdulƙadir ya ce, "Safara'u, zuba ƙanƙarar nan mu tafi. La'asar ake son motar, wasu na jira."

Ta ɗauki gora ɗaya ta girgiza a kunne. Ta ce, "Ba ta yi ba, ranka ya daɗe. Sai na ji ruwa na motsi a ciki. In na sa ta da taurinta, allurar cinya ta daskare, mun kai wa yara ruwan banza ke nan."

Kafin ƙanƙarar ta saki, ta zaro takardar. Ya ce, "Na cike ta jiya, ga sa hannuna."

Ta ce, "Na gani. Jiya ka cike, yau za mu tafi. Sama'ilu, hau bayan motar."

Sama'ilu ya ce, "To, Malama, an buɗe makaranta." Ya hau yana dariya.

Ta fara. Sikelin jarirai. Ya ce ga shi. Abin awon jini. Ya ce ga shi, ta ce matsa mu ga ko yana hura, ya matsa. Safar hannu, auduga, sirinji na huda da sirinji na haɗi, kwalin jefa allurar da aka yi amfani da ita. Katin yara, babban littafi. Maganin zazzaɓi, ta sa ya juya kwalin ta duba ranar lalacewa. Abin gwajin zazzaɓi da ɗan ruwansa. Gishiri da sukari na gudawa. Na ƙarin jini na masu ciki. Ko sabulu da buta sai da ya taɓa. Da ya ce ga shi bai ɗora hannu ba, ta ce, "Ban ga hannunka ba." Ya ce, "Wayyo ni, ko uwar matata ba ta tsare ni haka."

Sai ta dawo kan na sanyi. Ta jera gorunan a ƙaramin akwati, ta riƙa ɗauko kwalabe tana dubawa. Ta nuna mini wani ɗan tabo a jikin kowace, fari mai kusurwa huɗu a cikin da'ira mai duhu. Ta ce in na cikin ya yi duhu kamar na wajen, zafi ya ci allurar, sai zubarwa. Ta sa allurar tsayar da jinin haihuwa a ledarta daban. Ta ƙirga ta ƙyanda kwalba shida, kowace yara goma. Ta ƙirga ta shawara. Ta ce, "Ruwan haɗi."

Malam Abdulƙadir ya yi tsalle ya ɗago kwali biyu. Ya ce, "Ga shi! Wannan karon ni na tsaya a kai. Ɗaya na shawara, ɗaya na ƙyanda."

Ta buɗe na farko ta karanta jikin kwalba. Ta buɗe na biyu, ta karanta, ta sake zaro wata ta karanta. Ni a idona duk iri ɗaya ne, girmansu ɗaya, ruwan fari ƙal.

Ta ce, "Duka biyun na shawara ne. Na ƙyanda ni na sa shi a firji jiya don ya yi sanyi, yana ciki."

Sama'ilu ya ce, "Ruwa ai ruwa ne, Malama." Ta ce, "Kai ma zuba wa motarka kananzir, ai mai ne. Kowace allura da ruwanta, na kamfaninta."

Aka kira Basiru, waya a kashe. Malam Abdulƙadir ya share gumi. Ba mugun mutum ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Ya ce, "To mu tafi mu yi sauran. Ta ƙyanda wata mai zuwa. Man da ke motar nan kwana Sama'ilu ya yi kafin ya samu, in muka makara ni za a tuhuma."

Ta rufe akwatin ta ajiye shi a inuwa. Ta ce, "Wata mai zuwa aka ce musu wancan watan. Ba na zuwa in kalli matan nan in sake faɗa."

Ya ce, "Ni ne shugaba a nan. Shiga mota ko in rubuta ki."

Ta ce, "Rubuta. Ga birona in naka ba ya ci." Ta taka ta je ta tsaya a gaban motar.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na gyara goyo na je na tsaya kusa da ita. Ya ce, "Ke kuma baiwar Allah daga ina?" Na ce, "Daga inda za ku. Na binne ɗaya saboda ƙyanda, Malam. Rai na Allah ne, amma wannan ba zan mayar da shi gida haka ba saboda kwali."

Maigidan da ya ce me zan gani, sai ga shi ya buga babur. Ya ce, "Wane gidan man ne?" Sama'ilu ya kwatanta masa. Ya ce masa kuma ya nemi mai jar hula da tumbi, shi ne Basiru.

Mun fi awa a tsaye a rana. Hadi ya yi kuka na ba shi nono a tsaye. Malam Abdulƙadir ya shiga mota ya fita ya fi sau biyar. Can sai ga maigidan da Basiru a baya, yana ta faɗa wai an raba shi da layinsa saura mutum huɗu. Ya buɗe sito, ya buɗe firji, kwalin na nan a inda ta ce. Ta karanta, ta ƙirga shida, ta ɗora hannu da kanta ta ce, "Ga shi." Sannan ta ja biro a takardar.

Sai bayan azahar muka isa. Wasu matan sun gaji sun tafi, Furera ta bi gida gida ta dawo da su. Safara'u ta fasa ruwa ta haɗa a gabanmu, ta rubuta lokaci a jikin kwalbar, don in ta wuce awa shida ba ta da amfani. Aka soka wa Hadi a dantse, ya tsala ihu, na ce alhamdulillahi. Yara talatin da bakwai aka yi wa a ranar. Motar ba ta koma ba sai gab da magariba.

Bayan wata guda ƙyanda ta shigo garinmu. Ta kwantar da yara a gidajen da ba su kawo nasu ba, biyu ba su tashi ba. Ta tsallake ɗakina, da ikon Allah.

Malam Abdulƙadir ya rubuta ta ɗin kuwa. Aka ce ta tsare motar hukuma, ta tara jama'a. Jama'ar ni ce. Aka cire ta daga masu bin mota, aka tura ta wani ɗan ɗakin shan magani can kusa da iyakar Jigawa. Na so in je in yi magana, ta aiko mini in zauna, ba ta roƙon kowa.

Tana can har yanzu. Duk Talata takan hau ɗan acaɓa ta zo sito da sassafe, ta karɓi alluran ƙauyuka huɗu, ta ɗaura akwatin sanyi a kafaɗa ta koma. Furera ta gan ta makon jiya a bakin hanya, tayar babur ta yi faci, tana zaune a gindin marke ta lulluɓe akwatin da gefen hijabinta, tana jiran mai faci ya gama.