Layi Goma Sha Ɗaya da Sunan Bahago

Ramata ɗiyar maɗinkin takalma ce a tsohon garin Agadas. Tun tana ƙarama ubanta ya lura ita ce mai gane inda ɗinki ya karkace, amma bai ajiye ta a rumfa ba, ya tura ta lekol, makarantar boko. Ta yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Yamai shekara uku, ta dawo gida da takarda, ta shekara tana neman aiki. Daga ƙarshe ta samu wuri a wani babban magazan na kayan mota kusa da tasha, na Alhaji Lawali, inda direbobin hamada ke sayen sifirin da famfon mai da tayoyi kafin su kama hanyar Dirku.

Aikinta shi ne kula da ordinatoci biyar da rumbun bayanan da ke riƙe da sunan kowane kaya da farashinsa. Ita ta jera wayoyin, ita ta ba kowace na'ura lambarta, ita ta buɗe wa kowane ma'aikaci sunan shiga da kalmar sirri. Mutum huɗu ne ke da ikon sauya farashi, domin duk motar kaya da ta iso da nata kuɗin take zuwa. Cikinsu akwai Mourtala, ƙanen Alhaji, mai riƙe da buro, ofishin magazan ɗin. Akwai kuma Bahago.

Bahago ya yi shekara ashirin da shida a bayan kantar magazan ɗin. Direba zai ajiye masa karyayyen ƙarfe, ya juya shi sau ɗaya a hannun hagu, ya faɗi motar da shekararta. Ordinater ce kaɗai ta gagare shi. Kullum da safe sai ya manta kalmar sirrinsa, ya ɗaga murya, "Ɗiyata, zo ki buɗe min wannan shaiɗaniyar." Ranar da ta gaji da zirga-zirga, Ramata ta rubuta masa kalmar a guntun kwali da manyan baƙaƙe, ta tura ƙarƙashin madannin na'urar. Ya yi ta sa mata albarka.

Cikin watan zafi Alhaji ya kira ta, ya rufe ƙofa. Ya baza mata takardun sayarwa guda shida. Famfon mai da ake sayarwa jikka ɗari uku da hamsin na sefa ya fita a ɗari biyu da goma. Sifirin ma haka. Amma in aka duba ordinater, farashin na nan daidai kamar ba a taɓa shi ba.

"Wani na saukar da kuɗin, a sayi kayan, ya mayar," in ji Alhaji. "Na'urarki ba ta san wane ne ba?"

"Ba ta riƙe tsohon farashi, Alhaji. In aka rubuta sabo, tsohon ya tafi ke nan."

"To, ki sa ta riƙe. Kada kowa ya ji."

Ramata ta ji daɗin aikin, kuma wannan na cikin abin da ke cin ranta har yau. Shekara biyu tana sauya tawadar firinta da busa ƙura daga na'urori, yau ga aikin da ta karanta. Ta buɗe sabon tabul, wato jadawali a cikin rumbun, ta sa masa gurabe: lambar kaya, tsohon farashi, sabon farashi, sunan wanda ya shiga, lokaci, da lambar na'urar da aka yi aikin a kanta. Sannan ta rubuta abin da masu sana'ar ke kira tiriga, wato umarnin da ake ɗaura wa tabul, ya tashi da kansa duk sa'ad da aka taɓa shi. Nata ta ɗaura shi a gurbin farashi kaɗai. Bayan kowane sauyi, a kan kowane kaya, rumbun na miƙa masa layin yadda yake a da, da yadda ya koma yanzu. In farashin biyu sun bambanta, sai ya rubuta layi ɗaya a sabon tabul ɗin.

Da ta gwada, ta tarar kayan da ba a taɓa sa wa farashi ba suna wucewa shiru, saboda gurbin da babu komai ba ya kwatantuwa da lamba ta hanyar da ta fara bi. Ta gyara sharaɗin har ya kama su. Ta kuma toshe tabul ɗin: babu ma'aikacin da zai iya gogewa ko gyara layi a ciki, tirigar ce kaɗai ke rubutu. Ta sauya farashin buji ɗaya, wato fulogin mota, ta mayar, ta ga layi biyu sun fito da sunanta. Ta yi murmushi ita kaɗai.

A zuciyarta akwai wanda take zargi, wani mai sayarwa da bai daɗe da zuwa ba. Bahago ko kusa bai faɗo mata a rai ba.

Bayan sati uku Alhaji ya shigo ɗan ɗakinta da hantsi, ya tsaya a kanta. "Nuna min." Ta san ba ya son lambobi masu yawa, don haka ta kira gurabe biyar kawai: kaya, tsohon farashi, sabo, suna, lokaci. Ta tace waɗanda aka saukar da farashinsu sosai da mayarwar da ta biyo baya. Layi goma sha ɗaya suka fito, na ƙarshe ba a kai ga mayar da shi ba. Kowanne da sunan Bahago.

Alhaji ya ce ta buga masa a takarda. Ta ce, "Alhaji, ka ba ni zuwa la'asar in ƙara dubawa." Ya ce me za a ƙara dubawa, ba ke kika ce na'urar ba ta kuskure ba? Ta buga. Ya fizge takardar tun da ɗuminta.

A gaban direbobi aka yi abin. Alhaji ya ɗaga takardar yana karanta kwanaki da sa'o'i. Bahago ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Bai yi rantsuwa ba, bai yi ihu ba. Ya dubi Ramata da ke bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, haka ta rubuta?"

"Haka ta rubuta, Baba."

Ya ɗauki butarsa da dardumarsa ya fita. Mourtala ne ya raka shi har waje yana cewa a yi haƙuri, Allah ya rufa asiri.

Sai bayan azahar hankalinta ya dawo jikinta. Ta tuna gurbi na shida da ta bari. Ta sake kiran layukan da shi. Ordinater ɗin kantar Bahago lambarta na ƙarewa da goma sha biyu. Duk layukan nan goma sha ɗaya daga mai ƙarewa da biyar suka fito, wadda ke cikin buro, ɗakin da mabuɗinsa biyu ne, ɗaya gun Alhaji, ɗaya gun Mourtala. Ta fita zuwa kantar, ta ɗaga madannin na'urar. Guntun kwalin na nan da rubutun hannunta, inda duk mai shiga bayan kantar zai iya gani.

Washegari ta samu Alhaji shi kaɗai, ta ajiye masa sabuwar takarda, ta yi bayani a hankali: suna na nuna kalmar sirrin da aka shiga da ita, lamba na nuna ɗakin da aka zauna. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya fahimta tun kafin ta gama, ta ga haka a fuskarsa.

"Wa ya ga wannan?"

"Babu kowa."

Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. "Zan yi magana da shi a gida."

"Baba Bahago fa?"

"In na dawo da shi yau, gobe duk tasha za ta tambayi wane ne ɓarawon. Uwarmu na da rai, Ramata. Kina so in kai mata wannan?"

"An kira shi ɓarawo a gaban mutane, Alhaji."

"Zan aika masa da wani abu." Ya miƙe. "Ke kuma da kika ajiye kalmar sirri a ƙarƙashin na'ura, in aka buɗe zancen, ta kanki za a fara."

Ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci ba. Ranar Juma'a da la'asar ta je gidan Bahago a unguwar Dagamanet. Ta same shi a tsakar gida yana wanke tsofaffin ƙusoshi cikin gwangwanin kananzir. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, har da kwalin, har da gurbin da ta ƙi dubawa a kan lokaci. Ta ce za ta je tasha ta faɗa da bakinta.

"Ki faɗa wa wa?" in ji shi. "Direbobi sun ga takarda da sunana. Ke za ki je musu da lamba biyar da lamba goma sha biyu. Alhaji ya kore ki, mu zama biyu. Ubanki idonsa ya mutu, wa zai riƙe gidan?"

Lissafin da ta kwana tana yi ke nan, kuma ta ji kunya da ya riga ta faɗa.

"Alhaji ya aiko min da kuɗi a ambulan," ya ce. "Na mayar masa. Tashi ki je gida."

Ba ta je tasha ba. Ta koma aiki ranar Asabar, ta sauya kalmomin sirrin kowa, ta rufe sunan Bahago. Mourtala bai bar buro ba, sai dai an karɓe masa ikon sauya farashi, aka ce wai aiki ya yi masa yawa. Farashi bai sake sauka ba, kuma wannan ya ƙara tabbatar wa mutane cewa wanda aka kora shi ne. Bahago ya nemi wuri a magazan biyu, duka suka ce za su kira shi. Yanzu yana shimfiɗa buhu a bakin hanyar Arlit da tsofaffin kayan mota. Direbobin da suka san idonsa suna kai masa ƙarfe ya faɗa musu lamba, sannan su je su saya a wani wuri.

Alhaji kuwa ya ƙara wa Ramata albashi, yana kuma yabonta a majalisa. Watan jiya wani mai babban ɗakin ajiyar shinkafa da man girki ya zo har magazan yana nemanta. Ya ce, "Ke ce wadda ta kama tsohon nan? Ina son irin wannan a wurina."

Ramata ta dube shi. Ta ce zai saya wa kowane ma'aikaci na'urarsa, kuma ba za ta ba shi takarda ba sai ta kwana da ita. Ya yi dariya ya ce aikinta akwai tsada. Suka daidaita a kan Litinin, ta ɗauki jakarta ta fita neman mai babur.