Tambarin manoman Argungu

Shekara huɗu muna shago ɗaya a unguwar Badariya, ni da abokin aikina, muna gina wa mutane shafukan intanet. Iyayensa 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Birnin Kebbi aka haife shi, Hausarsa kuwa ta fi tawa daɗin ji. Ni nake rubuta abin da ke tafiyar da shafi, shi kuma hoto da launi ne aikinsa.

Akwai wani aiki da yake yi duk sanda muka kusa gama shafi. Ɗan tambarin nan da ake gani a saman burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kusa da sunan shafi, da wanda ke fitowa a fuskar waya idan mutum ya ajiye shafin, ba hoto ɗaya ba ne. Kowane wuri da girman da yake so. Burauza tana son mai ɗigo goma sha shida a kowane gefe, da talatin da biyu, da arba'in da takwas. Ayifon na son ɗari da tamanin. Andiroyid na son ɗari da casa'in da biyu, da ɗari biyar da sha biyu. Abokina da hannu yake yanka su ɗaya bayan ɗaya, yana gyara ƙananan ɗigo ɗigo. Yini guda yake ci, ni kuma ina gefe muna hira muna cin gyaɗa.

Sai ya samu aiki a Legas ya tafi. Na bar kujerarsa inda take, don ban san inda zan kai ta ba.

Ban iya zane ba, don haka na rubuta ɗan shirin kwamfuta: in ba shi hoto ɗaya babba mai kusurwa huɗu daidai, ya rage shi zuwa duk girman da ake buƙata, ya haɗa ƙananan uku cikin fayil ɗaya na burauza, ya kuma rubuta bayanin da ke nuna wa waya inda kowanne yake. Ranar da ya fara aiki, kafin in ɗauke hannu daga madanni ya gama. Na zauna ina kallon jerin fayilolin, ko azahar ba a kira ba, kuma ba ni da sauran abin yi a ranar.

Aikin farko da na gwada shi da gaske na wata ƙungiyar manoman shinkafa da albasa ne a Argungu. Shugabansu dattijo ne, ya zo da kansa da tambarinsu a takarda cikin leda. Zane ne na hannu: kwalekwale dogo, mutum tsaye a ciki, zangarniyar shinkafa a dama, albasa a hagu, sunan ƙungiyar ya zagaye su.

"Ƙanena ya zana shi," in ji shi. "Mai rubuta allunan shaguna ne. Bara Allah ya yi mai rasuwa. Ka kula da takardar ga, ɗana, ita kaɗai ta rage."

Na ɗauki hoton zanen da na'urar sikana, na share farin takardar ya zama babu komai a bayansa, na ba shirin. Babban ya fito da kyau. Da na duba na Ayifon a wata tsohuwar waya da nake gwaji da ita, sai na ga bayan zanen ya koma baƙi ƙirin, domin ita duk inda aka bar ba launi baƙi take cika shi. Andiroyid kuma da ta yanke tambarin ya zama da'ira, ta tafi da kan kwalekwalen da wutsiyarsa. Waɗannan biyu na san maganinsu: in sa launi a baya, in kuma bar fili a gefe yadda zanen zai tsaya a tsakiya. Mai ɗigo goma sha shida ne ya gagare ni. Babu mutum, babu rubutu, sai wani dunƙule kore kamar an murje ƙwaro a bango.

Shirin bai yi kuskure ba. Abin da na ce ya yi shi ya yi. Zanen ne ya yi wa wurin yawa.

Na tura wa abokina hoton, na rubuta masa, "Ya zan yi da wannan?" Kwana uku ina duba waya. Da amsar ta zo, layi ɗaya ce: "Ka zaɓi abu guda, ka yar da saura. Ina cikin taro, zan kira." Bai kira ba, ni ma ban ga laifinsa ba.

Ban ga ina da hurumin yar da komai daga zanen mamaci ba. Na shiga mota zuwa Argungu da safe, na tarar da dattijon a rumfar da suke tara albasa. Na buɗe kwamfuta a kan buhu na nuna masa. Ya sa tabarau, ya kawo fuskarsa kusa.

"Mi ne wanga?"

"Tambarin ne, Baba. Haka yake komawa in ya ƙanƙance."

"Ina mutumin da ke cikin jirgin?"

"Ya ɓace. Wurin ba ya ɗaukar abu huɗu. Cikakken zanen zai zauna a saman shafinku, ba abin da zai taɓa shi. Amma na ƙaramin, abu ɗaya za ku zaɓa, shi ne mutane za su riƙa gani ko'ina."

Ya tsura wa cikakken zanen ido har wani mai babur ya zo ya ɗauki buhu biyu ya tafi. Na ɗauka jirgin zai ce, ko mutumin. Sai ya ɗora yatsa a kan albasar.

"Wagga. Ka ga ta karkace? Na ce mai ya gyara ta, ya ƙi, wai albasar garin Gulma duk haka take. Mun yi kwana biyu ba mu magana a kanta." Ya cire tabaran ya goge. "Kar ka miƙe ta."

Na ce to.

Da na koma shago na ciro albasar kaɗai daga zanen, na ɗora ta a kan fari, na bar mata fili a kewaye, na ba shirin. Duk suka fito lafiya, har mai goma sha shidan, ana ganin karkacewar wuyanta. Na ɗora su a shafin, amma burauzata ta ci gaba da nuna tsohon dunƙulen, don takan riƙe tambarin da ta fara gani. Sai da na share ma'ajiyarta sannan albasar ta bayyana. Na ce, "Yauwa!" da ƙarfi, maƙwabcina mai gyaran fanka ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau. Ban san ta inda zan fara yi masa bayani ba.

Na kira dattijon in ce ya duba, sai ya yi dariya ya ce wayarsa mai maɓalli ce, ba ta shiga intanet. Washegari na buga duka tambarin a takarda ɗaya, daga babba har ƙarami, na kai masa Argungu. Ya bi su da yatsa har na ƙarshe, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ya ce a manna masa a jikin ginshiƙin rumfar. Ya sa aka kawo mini fura, na sha, muka zauna muna kallon masu ɗaure buhu. Motar Birnin Kebbi biyu ta cika ta tashi ina gani, sai a ta uku na shiga.