Saƙon da Ke Isa Ba Tare da Ni Ba

Shekarar da maigidana ya tafi karatu Kanada, waya ba ta kamawa a ƙauyenmu na bayan Durba. Ranar kasuwa nake shiga Rano, in rubuta imel na mako guda, in sa wa kowanne ranar tafiya. Da agogonmu ake saitawa, sai in zaɓi gab da azahar, lokacin da gari ke wayewa a Kanada. Ko wayata na kashe, saƙon zai tafi.

Na gaya masa haka, wallahi har sau biyu! Amma duk mako sai in tarar da amsoshinsa a jere, duka iri ɗaya: "Kina nan? Yi mini magana."

Lokacin da yake rubuto su kuwa, ina tsakar gida ni kaɗai, ina ɓare gyaɗa.