Irin waken da ya bari

Maigidana ya rasu cikin hunturu, ya bar min yara da buhunan irin wake da ya noma a ƙauyensu Dudunni. Iri kuwa in shuka ta wuce ya zama waken ci, rabin darajarsa ta tafi, kuma a kansa karatun yaran ya rataya.

Da na fita takaba, ana gab da damina, sai na shiga zauren manoma na Fesbuk da wayata. Duk rubutun da na gani, in manna a ƙarƙashinsa: akwai irin wake a Kankia. Masu kula da zauren suka yi ta gogewa, har da gargaɗi. Raina ya ɓaci, na yi ta masifa ni kaɗai a tsakar gida.

Maƙwabciyata, wata Bayarabiya mai shagon kayan ɗinki, ta yi min dariya son ranta.

"Maman yara, kin taɓa shiga gidan suna kina talla? Ki nemi mai tambaya ki ba shi amsa. Wanda amsar ta yi wa daɗi zai taɓa sunanki ya ga ke wace ce."

Ta karɓi wayar ta duba shafina, ta tarar a kulle, sai hoton fure.

"To in sun zo me za su gani?"

Na ji kunya, amma na buɗe. Na sa hoton waken a faranti, na rubuta garinmu da abin da nake sayarwa.

Daga nan na daina talla. Ina jiran manyan zauren su yi rubutu, in shiga da wuri tun amsoshi ba su taru ba, in faɗi abin da na sani. Abin da na sani kuwa duk a bakin marigayi na ji shi, mutumin da in ya fara zancen wake sai tuwo ya huce.

Wata rana wani ya tambaya yadda ake gane iri zai tsiro. Na rubuta: ka ɗebi cikin hannu daga tsakiyar buhu, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan 'yan kwanaki, kada ka yarda da na bakin buhu, shi mai kaya ke gyarawa. Mutane suka yi ta amsawa, maganar ta hau sama.

Sai wani dattijo daga Rimaye ya rubuta a ƙasa: "Baiwar Allah, na duba shafinki. Wannan maganar wani mutumin Dudunni ya faɗa min bara, a wurinsa nake sayen iri. Na yi ta kiransa ba ya shiga. Kin san shi?"

Ban taɓa rubuta maganar da hannuna ba sai ranar. Na ce mijina ne, Allah ya yi masa rasuwa.

Washegari ya zo da abokan nomansa, suka yi gaisuwa, suka sayi buhunan. Na miƙo tsumma don su gwada. Dattijon ya ce in bar shi, ya san hannun da ya zuba.