Takardar Alhaji da Ruwan Unguwarmu

Ko da na manta komai na shekarun da na yi ina sakataren ƙungiyar layinmu a Yalwawa, taron da muka yi kan kwalbati ba zai fita daga raina ba. A ranar ne halin da nake taƙama da shi ya kusa sa ruwa ya ci gidan wata baiwar Allah.

Halin kuwa gado ne. Mahaifina malamin zaure ne, kuma ba ya barin ɗalibi ya soki maganar kowa sai ya fara maimaita ta yadda mai ita zai yarda cewa haka yake nufi. Yakan ce in hujjar mutum ta zo maka da rauni, ka tambayi kanka abin da mai hankali ya gani har ya faɗe ta. In ya tsallake wani mataki, ka cike masa, sannan ka kara da ita a tsaye. Da wannan na tashi, har abokaina suke min tsiya wai ni lauyan abokan gaba ne.

A shekarar, ruwan sama ya addabe mu. In ya gangaro daga duwatsu sai ya kwanta a tsakiyar layi har ya shiga zaurukan mutane. Muka shirya haƙa magudana ta yamma, ta bi bayan shaguna ta faɗa kwalbatin bakin titi. Ni na fi kowa zaƙewa a kai. Sai ga takarda daga wani Alhaji mai sayar da siminti, mutumin da ko sallama muka yi sai mun sami abin musu. Shafi biyu, rabi duk zagi: wai 'yan boko ne mu, ba mu san ruwa ba sai na famfo. Ya ce a bar yamma a bi gabas. A ƙarshe ya rubuta cewa gida ɗaya ne kawai a gabas, kuma masu shi ba 'yan nan ba ne, gobe ma suna iya tafiya.

Gidan na wata dattijuwa ne da duk layi ke kira Mama, Kirista daga Filato, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Da wuya ka sami gida a layin da ba a taɓa buga mata ƙofa kan zazzaɓin yaro ba.

'Yan kwamiti suka ce in yaga takardar. Na ƙi. Na ɗauki biro na soke zagin, na duba abin da ya rage. Alhaji bai faɗi dalilin ƙin yamma ba, cewa kawai ya yi ruwan zai dawo mana. Na tambayi kaina, ta yaya ruwa zai dawo? Sai in mafitarsa ta yi masa kaɗan. Da aka yi ruwa ranar Asabar na ɗauki lema na je bakin titi, na ga kwalbatin nan ya cika maƙil da ruwan layi biyu kawai, yana tumbatsa. In muka ƙara masa namu, shagunan ne za su sha. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, amma Alhaji ya fi ni gaskiya.

Da na tsaya nan da na yi daidai. Amma daɗin abin ya ɗebe ni, na koma kan jimlar ƙarshe da niyyar ita ma in tsayar da ita. Na ce ai mai hankali ba zai ce a tura wa mutum ruwa don ba ɗan gari ba ne. Wataƙila yana nufin a zaɓi hanyar da za ta taɓa mutane kaɗan, kuma wanda ke zaman wucin gadi ya fi saurin kaucewa. Haka na rubuta, na goge kalmominsa na sa nawa.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Na miƙe na gabatar da ra'ayin Alhaji tsaf, na ba da labarin kwalbati, na amsa cewa mun yi kuskure. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Na kawo batun gabas cikin lafazi mai laushi, suka ci gaba da gyaɗawa. Alhaji kansa ya gyara zama yana murmushi, don bai taɓa jin maganarsa ta yi kyau haka ba. Mai unguwa har ya fara cewa to a ɗaga hannu.

Sai Mama ta nemi izini daga kan kujerarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malam, na ga takardar nan kafin ta zo hannunka. Abin da ka karanta ba shi ne a ciki ba. Ka wanke masa magana ka kawo mana. Zaman wucin gadi? Ka tambaye shi wa ya sayar min da filin.”

Kunya ta rufe ni, domin na san amsar. Shi ya sayar mata, shekara ashirin da suka wuce, kowa ya sani. Na san fassarata ba za ta zauna da wannan ba, amma na kau da kai saboda ina son a ce na yi adalci. Nan take na ƙudura cewa ba za a ɗaga hannu kan kalmomina ba. Na zaro asalin takardar na karanta jimlar yadda take, sannan na juya gare shi.

“Alhaji, ni na ɗauka kana nufin a rage yawan waɗanda abin zai shafa. Haka ne, ko kuwa?”

Na buɗe masa ƙofa, da ya so da ya bi. Sai ya ce shi abin da ya rubuta shi yake nufi, ɗan gari da baƙo ba ɗaya ba ne, ko baƙon ya gina bene.

Na ce wa mai unguwa, ranka ya daɗe, maganar Alhaji biyu ce. Ta farko gaskiya ce, na gani da idona, kuma halinsa ba zai sa ta zama ƙarya ba. Ta biyu kuwa ya ƙi gyaran da na yi mata, don haka na janye shi, a auna ta yadda ya faɗa. Sannan ƙanƙantar kwalbati ba ta nuna a bi gabas ba, ta nuna a faɗaɗa kwalbati ne. Alhaji ya ce in bar juya masa magana. Na ce yau kam ban juya komai ba, a ɗazu ne na juya.

Aka ɗaga hannu, gabas ta sami hannu uku kacal, aka tsaya kan a bi yamma a faɗaɗa kwalbati. Faɗaɗa kwalbatin ya ci mana wata biyu ana zirga-zirga neman izini, muka ƙarasa daminar da buhunan yashi a bakin zauruka, har da nawa. Alhaji ya daina amsa gaisuwata sai bayan babbar salla. Katangar Mama tana nan tsaye.

Har gobe ban bar koyarwar mahaifina ba, don ita ta kai ni bakin kwalbati. Abin da na ƙara shi ne sanin inda ake tsayawa. Ina cike wa mutum abin da ya tsallake, amma ba na goge abin da ya rubuta. In fassarata ta ci karo da abin da na sani, ko mai maganar ya ce ba haka yake nufi ba, to na bar ta nan. Kuma kafin in kyautata wa kowa zato a gaban jama'a, sai na waiga na ga a ƙofar wa ruwan zai kwana.