Maganar fadamar ɗana a tsallake ɗaya

Shekarar da ɗana ya rasu, ambaliya ta share iyakar fadamarmu, maƙwabcinmu ya ce tasa ce. Jikokina uku ba su da wata gonar. Hakimi kuwa ba ya sauraron kowa a ƙauyenmu sai a cikin kwalekwale, in zai haye kogi ya koma Haɗeja. Daga wannan gaɓa zuwa waccan, nan rabonka ya tsaya.

Ban yi karatu ba, amma a yankinmu ba wadda ta fi ni baki. Na shirya maganata tun ruwa na cike, na auna ta da tsawon tsallaken kogi, ta yi daidai. Sai hakimi bai zo ba har ruwa ya janye, kogi ya koma rabi.

Na je wurin mai fito, sa'an ɗana ne, na ce ya riƙa haye da ni ina gwadawa. Na fara da sauri.

"Inna, wannan ai gwanjo kike yi," in ji shi. "Ni ma ban ji komai ba."

"Tuƙa jirginka, marar kunya."

Amma gaskiyarsa. Na zubar da kirarin hakimi, na bar gaisuwa ɗaya. Na zubar da lissafin kakanni huɗu da suka noma fadamar. Shaiduna uku ne, na riƙe wadda za a iya zuwa a gani: giginyu biyu da mijina ya dasa a kan iyaka, waɗanda ruwa bai tumɓuke ba. Roƙon da na ajiye a ƙarshe na dawo da shi farko, don ko an katse ni ya riga ya shiga kunne.

Muka sake hayewa. Jirgi ya taɓa yashi ban gama ba.

"Saura me zan cire?" na ce, alhali na sani.

Ya kafa sandar tuƙinsa a yashi. "Wurin rasuwar, Inna."

Nan ne mafi kyau a duk maganar. Yadda ɗana ya kwana bakwai da zazzaɓi, yana tambaya ko an ba albasa ruwa. Duk wadda na faɗa wa sai ta yi kuka. Amma bai nuna inda iyaka take ba. Na cire shi.

Ranar da hakimi ya zo na durƙusa a jirgi na ce, "Ranka ya daɗe, a mayar wa jikokina fadamarsu. Ubansu ne ya nome ta, giginyun iyaka suna nan tsaye, a aika a duba." Na bi da sauran a hankali, na gama saura tura sanda biyu a kai gaɓa.

Ya ce za a duba. Yana tattara rigarsa ya tambaya, "Uban nasu fa?"

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa." Ya sauka.

An duba, an ba mu. Da sanyi ni da uwar yaran muka shuka alkama. Mutane sun yi ta yaba mini iya magana, ni kuwa na daɗe ban ƙara shiga jirgin nan ba.